Idan baki ya riga murya: gyaran sautin bidiyon waya bayan an juya fayil

Duk mai tace bidiyo da ke karɓar aikin da aka ɗauka da waya ya san wannan ƙorafi. A cikin wayar komai daidai yake, baki na motsi murya na fita tare da shi. Ana juya fayil ɗin zuwa wani tsari, ko a jefa shi cikin manhajar tacewa a kwamfuta, sai farkon bidiyon ya tafi lafiya lau, amma kafin a kai ƙarshe mai magana ya gama jimla ya rufe baki, muryarsa kuma tana can baya tana tahowa. Abin da mafi yawan mutane ke yi a nan shi ne su kama layin sauti su ja shi gaba ko baya, su yanka, su matse. Ni a ganina nan ne aikin ke ƙara lalacewa, domin a irin wannan matsala sautin ne mai gaskiya. Hoton ne ya ɓata lissafi, shi ya kamata a gyara.

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya ana ce masa firem. Kyamarar aikin fim tana ɗaukar adadi guda da ba ya canzawa, a ce firem 25 ko 30 a kowane sakan, daga farko har ƙarshe. Waya ba haka take ba. An rubuta 30 a saitinta, amma idan haske ya ragu takan rage adadin don kowane firem ya sami lokacin tara haske, idan ta yi zafi ko aiki ya yi mata yawa takan tsallake wasu. Wannan shi ne abin da manhajoji ke rubutawa VFR, wato gudun firem mai canzawa, kishiyar CFR mai tsayawa wuri guda. Wayar ba ta yi kuskure ba, saboda kowane firem da ta ajiye ta manna masa tambarin lokaci da ke cewa a nuna shi a sakan kaza. Sauti kuwa ba ya wannan hawa da sauka. Ana auna shi sau 48,000 a sakan, ko 44,100 a wasu wayoyin, cikin duhu da haske duk ɗaya. Manhajar kallo tana bin tambarin lokacin, shi ya sa a waya ba a ganin komai. Matsala tana farawa ne idan fayil ya faɗa hannun manhajar da ta yi watsi da tambarin, ta ƙirga firem kawai ta jera su talatin-talatin kamar babu abin da ya faru.

Mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. An ɗauki karatun malami da daddare a cikin ɗaki, tsawon minti 40, waya a kan 30. A minti na 12 aka ɗauke wuta, aka ɗauki sakan 40 kafin a tayar da inji, karatu bai tsaya ba, 'yar fitilar caji ce kawai ke haska wurin. A cikin wannan duhu wayar ta sauka zuwa firem 24 a sakan, haske na dawowa ta koma 30. Minti 40 sakan 2,400 ne, wanda a kan 30 ya kamata ya ba da firem 72,000. Amma a kowane sakan na duhun an rasa firem shida, shida sau arba'in kuma 240 ne, don haka abin da ke cikin fayil 71,760 ne. Idan manhaja ta jera waɗannan a kan 30 a sakan, hoto zai ƙare a sakan 2,392, sauti kuwa yana nan da 2,400 ɗinsa cif. Tazarar sakan takwas ke nan, kuma hoto ne a gaba.

Abin da ya kamata a lura da shi a misalin nan shi ne wurin da sakan takwas ɗin suka ɓace. Ba su bazu a cikin minti arba'in ba. Daga farko zuwa minti na 12 baki da murya suna tare. A cikin duhun tazara ta buɗe gaba ɗaya, bayan nan kuma ta tsaya a takwas har aka shafa fatiha. Wanda ya duba farko da ƙarshe kaɗai zai zaci a hankali sautin ke zamewa, sai ya ƙara masa sauri kaɗan don tsawonsa ya zo daidai da na hoto. Ƙarshen zai dace, farkon ma haka, sai ya ga kamar ya gama. To amma a minti na 12, inda a da babu matsala, yanzu murya ta riga baki da kusan sakan biyu da rabi, bayan duhun kuma tana baya da kusan sakan biyar da rabi, tazarar tana raguwa sannu a hankali har ƙarshe. Ya ɓata wurin da yake lafiya, bai kuma warkar da mai ciwon ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a auna. Farko da ƙarshe ba su isa ba, a duba wurare huɗu ko biyar a tsawon bidiyon, a rubuta tazarar kowane wuri a takarda. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi inda mai magana ya furta b, ɓ ko m, domin a waɗannan haruffa leɓɓa kan haɗu su rabu, ido na iya kama firem ɗin da abin ya faru, a kwatanta da inda zanen sautin ya tashi. Tafi ko bugun tebur sun fi haka kyau idan akwai. A cikin VLC, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da milisakan 50 a kowane dannawa, kuma adadin yana fitowa a fuskar kwamfuta, don haka ana iya auna ƙaramar tazara ba tare da an buɗe manhajar tacewa ba. Kada a yi wannan gwaji da abin kunne na Bluetooth, shi kansa yana jinkirta sauti, sai ya sa ka gyara abin da bai lalace ba.

Lambobin da ka rubuta su za su gaya maka irin cutar. Idan tazarar ɗaya ce a ko'ina, a ce rabin sakan daga farko har ƙarshe, wannan ba zamewa ba ce, matsar da sautin sau ɗaya ya wadatar. Idan tana ƙaruwa daidai wa daida, kuma ta kai kusan sakan 3.6 a awa guda, to an rikita 29.97 da 30 ne, domin bambancinsu kashi ɗaya ne cikin dubu. Idan murya ta sirance ko ta yi kauri kuma tazarar ta buɗe da sauri tun a mintin farko, an karanta sautin 44,100 a matsayin 48,000 ko akasin haka, wanda bambanci ne na kusan kashi tara cikin ɗari. Amma idan tazarar tana tsayawa, ta yi tsalle, ta sake tsayawa, wannan hannun VFR ne, kuma shi ne batunmu.

Ana iya tabbatarwa daga asalin fayil ɗin. Manhajar MediaInfo kyauta ce, idan ka buɗe fayil da ita za ka ga layin `Frame rate mode`. In ya ce `Variable`, a ƙarƙashinsa akwai `Minimum frame rate` da `Maximum frame rate`. Kalmar `Variable` kaɗai kada ta tayar maka da hankali, kusan duk bidiyon waya haka yake nunawa. Nisan da ke tsakanin lambobin biyu shi ne abin dubawa. Daga 29.9 zuwa 30.1 ba wani abu ba ne, amma fayil ɗin malaminmu zai nuna ƙasa kusan 24, sama kusan 30, matsakaici 29.9. Wanda ya saba da ffmpeg yana iya tambayar ffprobe kai tsaye:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=avg_frame_rate,nb_frames,duration -of default=nw=1 asali.mp4
```

Raba `nb_frames` da 30, ka cire amsar daga `duration`. Idan abin da ya rage ya yi daidai da tazarar da ka auna a ƙarshen bidiyo, ka kama ɓarawon. A misalinmu 71,760 a raba da 30 ya ba da 2,392, a cire daga 2,400 saura takwas.

Maganin gaskiya shi ne a ajiye fayil ɗin da ya lalace gefe, a koma kan asalin da ya fito daga waya, a sake juya shi ta hanyar da ke mutunta tambarin lokaci. Abin da ake so manhajar ta yi shi ne ta tsaya a kowane ɗaya bisa talatin na sakan, ta duba wane firem ne lokacinsa ya fi kusa, ta sa shi a gurbin. Inda firem suka yi ƙaranci ta maimaita, inda suka yi yawa ta zubar. A ffmpeg ga yadda ake yi:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -af aresample=async=1:first_pts=0 -ar 48000 -c:a pcm_s16le gyararre.mov
```

Ƙashin bayan umarnin shi ne `fps=30`. A cikin sakan 40 na duhun nan akwai firem 960 na gaske, ana kuma bukatar 1,200, don haka zai maimaita ɗaya a cikin kowane huɗu, ya cike 240 ɗin da suka ɓace a daidai wurin da suka ɓace. Jimilla ta koma 72,000, tsawon hoto ya koma 2,400, sautin kuwa ba a ƙara masa sauri ba, ba a rage ba. Sashen `aresample` yana cike ɗan giɓi idan akwai a layin sautin, ya kuma sa shi ya fara daga sifiri tare da hoto. An zaɓi `pcm_s16le` ne don kada a sake matse sauti kafin tacewa, shi ya sa fayil ɗin ya zama mov. Lambar `-crf 18` tana riƙe ingancin hoto sosai, idan aka ɗaga ta zuwa 23 fayil zai ragu, inganci ma ya ɗan sauka.

Akwai tarko guda a ffmpeg da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke haifar da wannan cuta a hannun mutane da yawa da suka kwafo umarni ba su san ma'anarsa ba. Alamar `-r 30` tana da ma'ana biyu, ya danganta da inda aka sa ta. Idan ta zo bayan sunan fayil ɗin shigarwa, tana maimaita firem ko zubar da su don a sami 30, wanda shi ake so. Idan kuwa ta zo kafin `-i`, kamar haka:

```
ffmpeg -r 30 -i asali.mp4 sabo.mp4
```

to ka umarci ffmpeg ne ya jefar da tambarin lokacin da ke cikin fayil, ya ƙirƙiro sabo kamar kowane sakan yana da firem talatin cif. Da hannunka ka ƙera tazarar sakan takwas ɗin nan. Irin wannan asara ce ke faruwa idan aka fitar da bidiyo zuwa jerin hotuna ɗai-ɗai aka sake haɗawa, ko aka raba hoto da sauti ta hanyar da hoton ya fito ba tare da lokutansa ba. A tsofaffin bayanai za ka ga `-vsync cfr`, wanda tun fitowar ffmpeg 5.1 a 2022 aka maye gurbinsa da `-fps_mode cfr`. Aikinsu ɗaya ne.

Wanda ba ya son rubuta umarni, HandBrake za ta yi masa aikin, ita ma kyauta ce. A shafin `Video`, a wajen `Framerate (FPS)` ka zaɓi 30 da kanka, kada ka bar shi a `Same as source`, sannan ka danna `Constant Framerate`. A nan ma ana yawan faɗuwa, saboda shirye-shiryen da manhajar ke zuwa da su, irin su `Fast 1080p30`, suna kan `Peak Framerate` ne. Wannan yana hana gudun wuce 30 amma ba ya hana shi sauka ƙasa. Mutum zai jira awa guda kwamfuta na aiki, ya fito da fayil da har yanzu VFR ne, ya ce ai ya gwada HandBrake ba ta yi ba. Bayan an gama juyawa a sake buɗe sabon fayil da MediaInfo, sai an ga `Constant` kafin a fara yanka.

Lambar da za a zaɓa ita ce wadda aka saita wayar a kai, 30 ga abin da aka ɗauka a 30, 60 ga na 60. Idan aikin na gidan talabijin ne da ke kan 25, kamar yadda tashoshin Najeriya da Nijar suke, ana iya rubuta `fps=25` kuma sauti zai zauna daidai, sai dai za a zubar da firem ɗaya cikin kowane shida, motsi mai sauri zai riƙa ɗan tsalle. Gara tun wajen ɗauka a sa wayar a 25 idan tana da shi. Maimaita firem ma yana da nasa farashi, a wurin da aka cike giɓi motsin hannu zai ɗan yi tsai-tsai. A bidiyon magana da wuya mai kallo ya lura, kuma ko ya lura, ya fi sauƙin jurewa a kan bakin da ke motsi babu murya.

Manhajojin tacewa sun inganta a wannan fanni. Premiere Pro tun 2018 tana da zaɓi ga fayil mai VFR tsakanin `Preserve Audio Sync` da `Smooth Video Motion`, na farkon yana maimaita firem ko zubarwa don sauti ya dace, na biyun yana nuna kowane firem ko da sauti zai zame. Ga ɗan gajeren bidiyo wannan kan wadatar. Amma ga aiki mai tsawo, ko wanda za a haɗa wayoyi biyu ko uku a ciki, shawarata ita ce a juya kowane fayil zuwa CFR tun kafin a shigar da shi. Minti talatin na jira a farko ya fi gano matsala bayan an yi yanka ɗari biyu.

Saura tambaya mai wuya: idan asalin fayil ɗin ya ɓata fa? An goge shi don waya ta cika, abin da ya rage sai wanda aka riga aka juya. Tambarin lokaci ya tafi, babu umarnin da zai dawo da shi, sai aikin hannu. Nan ne takardar awon nan take amfani. A misalin malaminmu, ka san komai daidai yake har minti na 12, ka kuma ga da idonka inda hoto ya yi duhu da inda haske ya dawo. A cikin lalataccen fayil duhun ya ɗauki sakan 32 ne, alhali a zahiri 40 ne. Sai ka raba hoto da sauti, ka kulle layin sauti, ka yanka hoton a 12:00 da 12:32, ka rage saurin wannan yanki zuwa kashi 80 cikin ɗari. Zai miƙe ya zama sakan 40, ya tura sauran hoton gaba da sakan takwas, komai ya koma mazauninsa. Ka duba ƙarshen sautin kuma, domin wasu manhajojin juyawa suna datse shi daidai tsawon hoto, in haka ta faru sakan takwas na ƙarshe sun tafi. Idan tsallen ya faru a wurare da yawa, haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma inda miƙewar ta yi muni a rufe da hoton masu sauraro ko na littafin da ake karantawa.

Akwai wuri ɗaya da taɓa saurin sauti yake daidai, kuma ya kamata a bambanta shi da abin da muke magana a kai. Idan an ɗauki murya da wata na'ura dabam, ko da waya ta biyu da aka ajiye kusa da mai magana, agogon cikin na'urorin biyu ba sa tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu goma kaɗai yana ba da kusan sulusin sakan a awa guda. Wannan zamewa ce mai tafiya daidai wa daida, don haka miƙa sauti ko matse shi yana warkar da ita. A fara gyara hoton zuwa CFR, sannan a auna tsawon da ke tsakanin wata alama a farko da wata a ƙarshe, kamar tafi, a sautin waje, a raba da tsawon da ke tsakaninsu a sautin waya, a ba `atempo` amsar a ffmpeg, ko a yi amfani da `Change Tempo` a Audacity. Dukansu suna canza sauri ba tare da canza kaurin murya ba.

Sai batun inda za a tsaya da gyara. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba BT.1359 ta nuna cewa mai kallo yana fara lura idan sauti ya riga hoto da kusan milisakan 45, ko ya yi baya da kusan 125. Firem ɗaya a gudun 30 milisakan 33 ne. Ke nan murya ta makara da firem biyu ba wanda zai damu, amma ta riga baki da firem biyu za a gani. Dalilin a fili yake, a rayuwa kullum ido ke riga kunne, sauti yana bukatar kusan milisakan 29 kafin ya ci mita goma. Don haka idan ka rasa tsakanin firem biyu wanne za ka zaɓa, bar murya ta ɗan biyo baya.

Yawancin wannan wahala ana iya kauce mata tun ranar ɗauka. A iPhone akwai `Auto FPS` a ƙarƙashin `Record Video` cikin saitin kyamara, shi ne ke sauke 30 zuwa 24 idan haske ya yi ƙasa, a kashe shi. Manhajojin ɗauka irin su Blackmagic Camera suna ba ka damar kulle gudun firem da hannu, duk da cewa waya mai zafi tana iya tsallake firem ko an kulle. A zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka a cire wa waya riga, a kawar da ita daga rana, a kuma raba doguwar ɗauka gida-gida idan hali ya yi. Fitila mai batir da ba ta dogara da wutar gari ba tana hana irin abin da ya faru a minti na 12. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farko, sau ɗaya a ƙarshe, don mai tacewa ya sami alamar awo.

Roƙona ga masu ɗauka da masu ba da aiki shi ne ku kai wa mai tacewa asalin fayil ta kebul ko filashi, in kuma ta WhatsApp ne a tura shi a matsayin `Document`, domin turawa ta hanyar bidiyo tana sake matse shi. Kada ku goge shi daga waya sai aikin ya fito kun kalle shi daga farko har ƙarshe. Muddin asalin yana hannu, umarni ɗaya ne ke gyara wannan matsala, in ya ɓata kuwa sai an bi bidiyon yanki-yanki da hannu.